Lamba 55 a kan PIN na gaskiya: yadda muka kwana huɗu muna bin sawun matsalar POS ɗin wani ejan

Asalin lamarin

Mutumin ejan ne na POS, yana da ɗan kes a bakin wata tasha a Kano, shekararsa kusan uku yana wannan sana'a kuma yawancin kwastomominsa direbobi ne da 'yan lodi da mata masu abinci, mutanen da suka san shi ya san su. Ni kuma ina aiki da wani ƙaramin kamfani da ke raba wa ejan-ejan na'ura, aikina shi ne idan na'ura ta ƙi aiki a kira ni. Na'urarsa irin ta Android ce mai sikirin, wadda ake danna PIN a jikin gilashin.

Daren Lahadi kamfaninmu ya tura sabon afdet na manhajar cire kuɗi zuwa wasu na'urori, tasa na ciki. Abin da aka ce an gyara shi ne tsarin risit da saurin karanta kati, ba wanda ya ambaci PIN ko a baki.

Litinin: kati yana ƙi, mai kati yana rantsuwa

Wajen sha ɗaya na safe ya kira ni muryarsa a sama, ya ce ɗan'uwa na'urar nan za ta haɗa ni faɗa da mutane, mutum huɗu kenan tana cewa PIN ɗinsu ba daidai ba. Na ce ya turo min hoton risit. Abin da ke jiki shi ne `55 INCORRECT PIN`. A tsarin saƙon bankuna na ISO 8583 lamba 55 ma'anarta PIN ba daidai ba, don haka abin da na fara ce masa shi ne abin da kowa zai ce, wataƙila sun manta ne ko yatsa ya zame a gilashi.

Ya ce a'a. Akwai wata hajiya mai sayar da abinci da take cire kuɗi a wurinsa kusan kullum, ta sa PIN sau biyu ya ƙi, ta tsallaka titi ta sa katin a ATM da PIN ɗin nan dai kuɗi ya fito, ta dawo ta nuna masa. Kuma ba kowane kati ke ƙi ba, a tsakanin waɗanda suka ƙi ya yi ciniki da yawa lami lafiya.

Ranar mun yi abubuwan da aka saba, kashe na'ura a kunna, canja layin data, goge gilashi. Babu wanda ya taimaka, kuma dama bai kamata su taimaka ba tunda matsalar netwok ba ta kawo 55, sai dai saƙon ya ƙi tafiya ko amsa ta makara.

Talata: zargin makulli

Da safe na je da kaina. A hanya zuciyata ta riga ta tafi kan makulli, wato lambobin sirrin da ake kulle PIN da su, kuma sai na yi bayanin me ya sa.

Idan na'ura ta ce a sa PIN, manhajar da ejan yake gani ba ita ce ke karɓar lambobin ba. A cikin na'urar akwai wani ƙaramin cif na tsaro daban da wanda ke tafiyar da Android, manhaja tana kiransa ne ta ce ga lambar kati, ga gurbin makullin da za ka yi amfani da shi, karɓo min PIN. Daga wannan lokacin cif ɗin ne ke riƙe da wurin dannawa, manhaja ba ta samun komai sai labarin cewa an danna lamba ɗaya, an danna biyu, don ta zana taurari a sikirin. Da mai kati ya danna kore sai cif ɗin ya shirya PIN ɗin ya kulle shi da makullin da ke ajiye a cikinsa ya miƙo wa manhaja bait 8 da ba ta iya karantawa, su ne ake sakawa a fili na 52 na saƙon a tura. Shi makullin ba ya fitowa, ko mu da muke raba na'urar ba mu taɓa ganinsa ba, kuma idan wani ya kwance bayan na'urar akwai 'yan maɓallai da wayoyi a ciki da ke ji, nan take cif ɗin ya goge makullan duka. Shi ya sa na'urar da aka kai wa mai gyaran waya ya buɗe take dawowa da `TAMPER` a sikirin, ta gama aiki sai an mayar da ita an sake zuba mata makulli.

Makullan hawa-hawa ne. Akwai babba, TMK, shi aikinsa buɗe sauran makullai. Akwai na PIN, TPK, wanda ke zuwa daga saba, wato babbar kwamfutar da na'urar ke magana da ita, a kulle a ƙarƙashin TMK, cif ɗin ya buɗe shi a cikinsa ya ajiye. A can ɗaya ɓangaren, wajen kamfanin da ke sarrafa mana ciniki, akwai akwatin tsaro da ake kira HSM mai riƙe da TPK iri ɗaya. Idan na na'ura da na HSM suka bambanta ko da harafi ɗaya ne, abin da HSM zai buɗe shirme ne zalla.

To na sake sauke makullai. Ana tabbatar da makulli ba tare da an gan shi ba ta hanyar KCV, wato a kulle bait 8 na sifili da makullin a ɗauki haruffa shida na farkon sakamakon, idan na na'ura da na saba suka zo ɗaya to makulli ɗaya ne. Suka zo ɗaya. Muka jira wani direba da katinsa ya ƙi jiya, ya sa, 55 ta sake fitowa.

Na yi tunanin ko cif ɗin na'urar ne ya samu matsala, na koma ofis na ɗauko wata sabuwa a kwali na saita masa. Tana hawa netwok ta jawo sabon afdet ɗin ita ma, abin da ban lura da shi ba a lokacin. Direban nan Allah ya saka masa ya sake dawowa da yamma, 55.

Laraba da safe: abu biyu da suka canja tunanina

Na farko ejan ɗin ne ya faɗa ba tare da ya san nauyinsa ba. Ya ce abin mamaki direban nan ya sa PIN ya fi sau biyar a kwana biyu amma katinsa bai rufe ba. Banki yana ƙirga kuskuren PIN, yawanci sau uku ne sai ya toshe, amsa ta koma 75, wato an wuce adadin gwaji. Idan mutum ya yi kuskure sau biyar kati bai toshe ba, to akwai alamar bankinsa bai ma ga PIN ɗin ba, wani ne a hanya yake mayar da saƙon.

Kuma akwai wani a hanya. TPK na tsakanin na'ura da mai sarrafa ciniki ne kawai, bankin mai kati bai san shi ba. Don haka HSM na mai sarrafa ciniki yakan buɗe ƙunshin PIN, wato bait 8 ɗin nan na fili na 52, a cikin cikinsa ya sake kulle shi da wani makullin da suka yi tarayya da na gaba, ZPK, haka ake yi zango-zango har a kai bankin da ya bada katin, shi ne kaɗai ke cewa PIN daidai ne ko a'a. A kowane zango HSM yana duba ko abin da ya buɗe yana da siffar ƙunshin PIN, idan babu sai ya ƙi.

Na biyu shi ne sai da na koma na binciki hujjar da nake dogaro da ita. Ina ta cewa makulli lafiya tunda wasu katunan suna wucewa, amma wannan ba hujja ba ce kai tsaye, saboda akwai katin da shi kansa cif ɗin katin ne ke tantance PIN a nan cikin na'ura, PIN ɗin ba ya fita ko'ina, fili na 52 ma babu komai a ciki. Irin wannan katin zai wuce ko da TPK ya lalace gaba ɗaya. Ana ganewa a bayanan cinikin, a alamar `9F34`. Idan ta fara da `41` ko `44` katin ne ya duba, idan ta fara da `42` an kulle PIN an tura. Na duba cinikin da suka wuce ranar Litinin da Talata na samu da dama masu `42` da suka yi nasara. Shikenan makulli ya fita daga zargi da gaske, cif ɗin ma haka.

Sai na ce wa ejan ɗin ya tattaro min risit ɗin duk waɗanda suka ƙi. Ya juye min su daga wata robar alawa da yake tarawa a ciki, wasu sun jiƙe da mai. Risit yana rufe tsakiyar lambar kati da taurari don haka ba a ganin lambar, amma a rajistar saba ana ganin tsawonta. Duk waɗanda suka ƙi lambarsu ta wuce 16. Mutane sun saba kati lamba 16 ne, amma ƙa'ida ta yarda har 19, kuma a Najeriya katunan Verve akwai masu 16 akwai masu 18 da 19. Duk mai 16 da ya sa PIN daidai ya wuce.

Laraba da yamma: me ya haɗa tsawon lambar kati da PIN

Nan ne gundarin maganar. Cif ɗin ba ya ɗaukar lambobi huɗun nan ya kulle su haka tsirara. Da haka ake yi, duk mutum biyu masu PIN iri ɗaya a na'ura ɗaya za su bada sakamako iri ɗaya, kuma mai leƙen saƙonni zai iya sa nasa katin ya kwatanta ya gane wa ke da irin PIN ɗinsa. Don haka ake cakuɗa PIN da lambar katin tukuna. Tsarin da na'urorinmu ke bi shi ne na ISO 9564, siffa ta 0.

Bari in yi da lambobin da na ƙirƙira, ba na kowa ba ne. PIN 5827, kati mai lamba 19, `5060991234567890123`.

Ana gina layi biyu kowanne gurbi 16. Layin farko yana farawa da 0 wato lambar siffar, sai tsawon PIN wato 4, sai PIN ɗin, sai a cike ragowar da F. Layi na biyu sifili huɗu ne, sai lambobi 12 daga katin, kuma yadda ake zaɓar su shi ne a jefar da lambar ƙarshe ta katin wadda ta tantancewa ce, a ɗauki 12 na dama daga abin da ya rage. Sai a haɗa layukan biyu da lissafin XOR gurbi da gurbi.

```
045827FFFFFFFFFF
0000123456789012
---------------- XOR
045835CBA9876FED
```

Wannan na ƙasa shi ne ake kullewa da TPK ta hanyar kullewa mai suna 3DES, bait 8 su shiga bait 8 su fito. Kyan XOR shi ne idan ka maimaita shi da abu ɗaya yana dawo da kai inda ka fito, don haka HSM idan ya buɗe sai ya ɗauki lambar katin da ke cikin saƙon ya gina layi na biyu da kansa ya sake XOR, layin farko ya dawo da PIN ɗinsa da F goma a bayansa.

Wato lambar kati tana shiga aikin sau biyu ta hanyoyi biyu daban, wadda manhaja ta miƙa wa cif ɗin tsaro da wadda ta rubuta a cikin saƙo. Dole su zama ɗaya.

Na kira yaron da ya rubuta afdet ɗin, mutum ne mai ƙoƙari. Shawarar farko da ya kawo ita ce mu yi wata manhaja ta wucin gadi da za ta zana nata wurin danna PIN, ta rubuta abin da aka danna a rajista mu gani ko ana karɓa daidai. Na ce masa wallahi ba za a yi ba ko na minti ɗaya, domin wannan PIN ɗin direbobi ne da masu abinci zai zauna a rubuce a cikin Android inda duk wanda ya samu fayil ɗin ya samu kuɗinsu, kuma ƙa'idojin tsaron kati na PCI da aka tantance na'urar a kansu sun hana. Ban da haka ba zai nuna mana komai ba tunda ba a wurin dannawa matsalar take ba. Ya yarda.

Abin da muka yi shi ne muka ɗauki na'urar gwaji mai makullin gwaji wanda mun san shi, da katin gwaji mai lamba 19, muka sa manhajar ta nuna abu ɗaya tak, tsawon lambar da take miƙa wa cif ɗin. Ta nuna 16.

Da ya buɗe abin da ya rubuta sai ga shi. Cif ɗin kati yana ajiye lambarsa a alamar `5A`, lamba biyu a kowane bait, don haka kati mai 16 bait 8 ne cif-cif, mai 19 kuma bait 10 ne da F guda a ƙarshe don cikewa. Wannan F ɗin ce take fitowa a risit tana ɓata shi, a ƙoƙarin kawar da ita ya sa a karanta bait 8 kawai. Lambar da ke shiga saƙo kuma daga wata alama ake ɗauko ta, `57`, ita ba a taɓa ta ba, tana tafiya cikakkiya.

Ga abin da ke faruwa da katin misalinmu. An yanke shi ya koma `5060991234567890`, cif ɗin tsaro ya jefar da 0 na ƙarshe a zaton ita ce lambar tantancewa, ya ɗauki 12 na dama.

```
045827FFFFFFFFFF
0000099123456789
---------------- XOR
04582E6EDCBA9876
```

Ya kulle wannan da makulli mai kyau ya tura. HSM ya buɗe lafiya lau, ya yi XOR da lambar katin ta gaskiya.

```
04582E6EDCBA9876
0000123456789012
---------------- XOR
04583C5A8AC20864
```

Duba da kyau. 0 da 4 suna nan, 5 da 8 ma suna nan saboda sifili huɗun farko ba sa canja komai, amma inda ya kamata a ga 27 sai ga 3C, kuma C ba lamba ba ce da mutum zai iya dannawa, sannan inda F goma za su jeru babu ko ɗaya. HSM ya ce wannan ba ƙunshin PIN ba ne ya ƙi juya shi zuwa makulli na gaba. Da muka tambayi ɓangaren masu sarrafa ciniki suka tabbatar akwai kuskuren siffar ƙunshi a rajistarsu a daidai lokutan, sabarsu ce ke fassara shi zuwa 55 ta dawo mana da shi. Shi ya sa bankin direban bai ƙirga masa komai ba.

Alhamis: gyara

Gyaran layi biyu ne, a karanta `5A` duka iya tsawonta, a cire F ta ƙarshe idan akwai. Muka ƙara sharaɗi ɗaya, kafin manhaja ta nemi PIN ta kwatanta lambar da za ta bai wa cif da wadda za ta sa a saƙo, idan sun bambanta ta tsayar da cinikin tun mai kati bai danna komai ba. Muka gwada da kati mai 16 da mai 18 da mai 19 a na'urar gwaji duka suka wuce, kafin azahar aka tura wa duk na'urorin da suka karɓi afdet ɗin Lahadi. Da aka duba ashe ba ejan ɗin nan kaɗai abin ya shafa ba, sauran ejan-ejan suna ta ce wa kwastoma ka manta PIN ɗinka ne, shi ne kawai ya yarda da mutanensa har ya ɗaga waya.

A wannan gyaran ban sake sauke makulli ba, ban canja na'ura ba. Da la'asar hajiyar nan ta zo, ejan ɗin ya ce Hajiya a yi haƙuri a sake gwadawa, ta sa kati ta danna, risit ya fito da `00`, wato ciniki ya yi nasara.

Abin da na gani bayan an gama

Kullewar ba ta taɓa samun matsala ba a kwana huɗun nan, babu PIN ɗin da ya fita a buɗe, cif ɗin ya yi abin da aka gina shi ya yi da lambar da aka ba shi, HSM ma ya yi daidai da ya ƙi. Kuskuren yana wurin da manhaja ke da hannu, wato lambar katin da take miƙawa, kuma ya wuce gwaji ne saboda duk katunan gwajin da ke teburin ofis masu 16 ne.

Ranar Talata ni na ɓata ta. Tunda KCV ya zo ɗaya ya kamata in bar maganar makulli in tambayi me ya haɗa katunan da ke ƙi, maimakon haka na ɗauko sabuwar na'ura wadda ta jawo manhaja iri ɗaya, gwajin bai raba komai da komai ba. Da na mayar da na'ura ɗaya kan tsohuwar manhaja da tun ranar mun san afdet ne. Haka kuma fassara kuskuren siffa zuwa 55 ta cutar da mu, ta sa laifi ya koma kan mai kati alhali bai yi komai ba, mun roƙi a ba wa kuskuren siffar wata lamba daban.

Da na'urorinmu na DUKPT ne, inda kowane ciniki ke da nasa makullin, wannan matsalar za ta faru haka dai, domin canja makulli ba ya gyara lambar kati da aka yanke. Siffa ta 4 ta ISO 9564 mai aiki da hanyar kullewa ta AES da bait 16 ita ma tana cakuɗa lambar kati a ciki. Yanzu a teburin gwaji akwai kati mai 16 da mai 18 da mai 19, kuma afdet ba ya fita sai kowannensu ya wuce da `9F34` mai farawa da `42`.